Yadda ɗalibi zai rubuta wasiƙar godiya da Hausa, a mayar da ita Faransanci ga wanda ya ɗauki nauyin karatunsa

Tun da aka fara fitar da sakamakon zangon farko, kusan kullum sai wani ɗalibi ko mahaifinsa ya tare ni da tambaya guda: ƙungiyar da ta ba yaro tallafin karatu ta ce a rubuta wasiƙar godiya ga mai bayar da kuɗin, mutumin kuma Faransanci kawai yake ji, to ta ina za a fara? Ina koyar da Faransanci a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa ta Kamaru, kuma irin waɗannan wasiƙu da yawa sun bi ta hannuna. Abin da na gani shi ne, yaron da ya fara da Faransanci kai tsaye yakan kwaso tsofaffin jimlolin takardar neman aiki ya jera, sai wasiƙar ta fito ba shi a cikinta. Wanda kuma ya rubuta da Hausa ya bi ta kalma bayan kalma, sai ya aika wa bawan Allah abin da ba zai gane ba, wani lokaci ma abin da zai tayar masa da hankali.

Zan bi matakan da wasiƙar wata tsohuwar ɗalibata, wadda zan kira Hadiza a nan. Ta ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, a Garwa, yanzu tana shekarar farko a sashen nazarin halittu na Jami'ar Ngaundere da ke Dang. Wata dattijuwa ce a Faransa take biya mata, ta hannun wata ƙaramar ƙungiya.

1. Tambayi ƙungiya kafin ka ɗauki biro

Abu huɗu za ka tambayi wakilin ƙungiyar: mai tallafin namiji ne ko mace ko kuwa mata da miji ne, wace rana ake son wasiƙar ta iso, da hannu za a rubuta ko a buga, kuma an yarda a haɗa da hoto ko ba a yarda ba. Tambayar farko ita ce mafi nauyi, domin duk gaisuwar Faransancin a kanta za a gina. Kada ka yi hasashe daga suna. Akwai sunayen Faransawa irin su Dominique da Claude da maza da mata duk suke amsawa.

Gargaɗi: wasu ƙungiyoyi ba sa yarda ɗalibi ya sa lambar wayarsa ko adireshin gidansu a cikin wasiƙa. Idan ka sa, za a dawo maka da ita ka sake, kuma ranar da aka yanka tana iya wucewa.

2. Tara takardunka a gabanka

Rasit na kuɗin rajista, rasit na ɗaki idan kana haya, takardar sakamako, da ranar da kuɗin ya shigo hannunka. Sai farar takarda biyu ko uku ta gwaji da biro baƙi ko shuɗi. Kada ka dogara da abin da ka tuna. Ƙungiya tana da nata lissafin, kuma idan adadin da ka rubuta ya saɓa da nata, kai za a kira ka yi bayani.

Ga lissafin Hadiza. An ba ta sefa 300 000. Ta biya 50 000 kuɗin rajistar shekara, wanda shi ne abin da ake biya a jami'o'in gwamnati a Kamaru. Ɗaki a Dang ya ci 120 000 na wata goma. Littattafai da kwafin darussa 40 000. Ragowar 90 000 abinci da kuɗin mota. Na sa ta haɗa lissafin a gabana sau biyu har ya cika 300 000 daidai kafin mu ci gaba.

3. Zauna da iyaye, ka rubuta ta Hausa

Wasu suna cewa wannan ɓata lokaci ne tunda ba Hausar za a karanta a can ba. Ban yarda da su ba. Tallafin nan ba ɗalibi kaɗai ya sauke wa nauyi ba, gida ya sauke wa. Uwar da ta daina tunanin sayar da akuyarta tana da magana, kuma da Hausa za ta faɗe ta. Shi ma yaron, abin da ke ransa da Hausa yake zuwa. Idan ka hana shi wannan hanyar, sai ya koma ga haddar aji.

Don haka ka rubuta ba tare da tunanin yadda za a fassara ba. Yi sallama, yi gaisuwa, yi addu'a yadda ka saba. Abu uku ne dai ba za a rasa ba a ciki: abin da aka yi da kuɗin, abu guda da ya canza a rayuwarka wanda ido zai iya gani, da gaskiyar sakamakonka. Ga abin da Hadiza ta rubuta da ta zo gida, Innarta na zaune kusa da ita:

"Zuwa ga uwata mai daraja. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyali. Ya gajiya, ya sanyin garinku? Ni ce Hadiza, ina shekarar farko a nazarin halittu a Jami'ar Ngaundere. Tallafin jaka ɗari uku da kuka aiko ya iso hannuna a watan Oktoba. Na biya rajista jaka hamsin, ɗaki na wata goma jaka ɗari da ashirin, littattafai da kwafi jaka arba'in, sauran jaka casa'in abinci da mota. Saboda ku na kama ɗaki kusa, tafiyar minti goma ce a ƙafa zuwa aji. A zangon farko na samu 12,5 bisa 20. Darasin sinadarai ya kayar da ni, na samu 8, amma ni da ƙawayena biyu muna shirin sake zama. Inna ta ce in gaya muku kun rufa mana asiri. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa, ya raya zuri'a."

Dubi maganar minti goma ɗin nan. Da farko Hadiza ta rubuta "kun canza rayuwata". Na tambaye ta, da me? Sai ta ce da ba don ɗakin ba, da a gidan wata gwaggonta a cikin gari za ta zauna, ta riƙa shiga mota kullum zuwa Dang, tafiyar wajen kilomita goma sha biyar, ta rasa darasin safe duk ranar da babu kuɗin mota. Na ce to wannan shi ne abin rubutawa. Duk ɗalibin da aka taimaka yana iya cewa an canza rayuwarsa, amma minti goma a ƙafa na Hadiza ne ita kaɗai, kuma mai karatu zai ga hanyar a idonsa.

Gargaɗi: kada ka ɓoye faɗuwa. Takardar sakamakonka tana zuwa ƙungiya ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Faɗe ta a jimla ɗaya, ka bi ta da abin da kake yi a kai. Hadiza ta so ta cire maganar 8 ɗin, ta ce, "Malam, kunya nake ji." Na ce mata kunyar da za ta ji idan dattijuwar ta gani a takarda bayan wasiƙa ta yi shiru ta fi wannan.

Gargaɗi na biyu, kuma shi ne wanda iyaye suka fi matsawa a kai: kada a cusa roƙo. "Wayata ta lalace", "ƙanena ma yana son karatu", duk a bar su. Idan akwai buƙata ta gaskiya, wakilin ƙungiya ake kai wa, a wata takarda daban, a wata rana daban.

4. Ja layi a ƙarƙashin wuraren da ba za su ƙetara ba

Kafin ka rubuta kalma ɗaya ta Faransanci, ɗauki jan biro ka bi wasiƙar Hausar. Ja layi a ƙarƙashin gaisuwa, addu'a, karin magana, sunayen dangantaka da kuɗi. A waɗannan wurare biyar fassara take karyewa. Sauran jimlolin, irin "na biya ɗaki", kowane ɗan aji uku zai iya mayar da su.

Fara da kuɗi domin shi ne mai sauƙin gyarawa kuma mai saurin jawo rigima. Mu a baki da jaka da dala muke lissafi. Jaka ɗaya sefa dubu ce, dala ɗaya kuwa sefa biyar. Idan Baba ya ce "dala dubu goma", sefa 50 000 yake nufi. Na taɓa ganin wasiƙar da mai fassara ya ji haka ya rubuta 10 000, sai ta zama kamar yaron ya ɓoye sefa dubu arba'in. Mayar da kowane adadi zuwa sefa da lambobi tun a takardar Hausa, ka rubuta shi a gefe. Idan mai tallafin a Turai yake, ka ƙara masa kwatankwacin jimlar da yuro sau ɗaya kawai. Farashin a tsaye yake, yuro ɗaya sefa 655,957, wato ɗari shida da hamsin da biyar da 'yan kai. Sefa 300 000 ta Hadiza ta kama kusan yuro 457.

Sai sunayen dangantaka. "Uwata mai daraja" a bakinmu girmamawa ce, kuma a Faransancin titin Garwa ma kowace dattijuwa Maman ce. A wasiƙa zuwa ga wadda ba ka taɓa gani ba a Faransa, wannan yana iya yi mata nauyi, kamar kana ɗora mata wani haƙƙi da ba ta ɗauka ba. Madame ta wadatar. Idan ita da kanta ta riga ta rubuto ta kira kanta marraine ɗinka, to kana iya amsawa da Chère marraine. Haka kuma ka kula da kishiyar uwa. A nan mutane da yawa suna cewa marâtre ba da wani mugun nufi ba, amma a kunnen Bafaranshe kalmar tana nufin muguwar matar uba mai azabtar da 'ya'yan miji. Idan ita ta raine ka kuma kana son ambatonta da alheri, ka ce la seconde épouse de mon père, qui m'a élevé.

5. Abin da za a yi da gaisuwa da addu'a

Nan ne nake son a daɗe, domin nan ne zuciyar wasiƙar take.

Gaisuwar Hausa doguwa ce saboda ita ce shaidar cewa ka ɗauki mutum da daraja. A wasiƙar Faransanci, jerin tambayoyi kan gajiya da sanyi da iyali yana sa mai karatu ya yi zaton amsa ake jira, ko ya ga ana jan lokaci. Ba a jefar da gaisuwar ba, dunƙule ta ake yi a jimla ɗaya:

J'espère que cette lettre vous trouve en bonne santé, vous et les vôtres.

Les vôtres ɗin nan yana da amfani sosai. Yana nufin "naku", ya rufe miji da 'ya'ya da dangi ba tare da ka ambaci wanda ba ka san yana nan ko ba ya nan ba.

"Kun rufa mana asiri" ita ce jimlar da ta fi kowace haɗari. Da Hadiza ta gwada da kanta, ta rubuta vous avez couvert notre secret. Wanda ya karanta wannan a can zai tambayi kansa wane sirri ne gidan nan ke ɓoyewa, kuma yaushe aka sa shi a ciki. Abin da Inna take nufi shi ne an tsare musu mutunci, ba su kai ga miƙa hannu ga maƙwabta ba. Ma'anar ake ɗauka a kai can, a bar kalmomin a gida: vous avez préservé la dignité de notre famille. Hanyar da nake bi da kowace irin wannan magana ita ce in tambayi mai maganar, "Idan Bafulatanin da bai iya Hausa sosai ba ya ce bai gane ba, yaya za ki sake faɗa masa?" Amsar da ta bayar ita nake fassarawa.

Addu'a kuwa sai an yi mata tunani sau biyu. "Allah ya jiƙan mahaifa" idan aka bi ta kalma da kalma ta zama roƙon Allah ya ji tausayin iyayen mutum, alhali ba ka sani ba ko suna raye, kuma a kunnensa kamar an ce sun yi wani laifi. "Allah ya raya zuri'a" tana iya faɗawa kan wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ko wadda ta rasa ɗa. Waɗannan biyun ba na mayar da su. "Allah ya saka da alheri" tana da 'yar'uwa a Faransanci, Que Dieu vous le rende, kuma tana zama daidai idan ka san mai tallafin mai addini ne, Musulmi ko Kirista, ko kuwa ƙungiyar ta masallaci ce ko ta coci. Idan ba ka sani ba fa?

Wasu masu fassara share addu'ar suke yi gaba ɗaya. Ni ban ga dalilin ba. Uwa ta ba da mafi tsadar abin da take da shi, sai a goge saboda tsoron kada a ɓata wa wani rai? Abin da nake yi shi ne in ba da labarin addu'ar maimakon in yi ta a kan mutum, in kuma gaya masa matsayinta a wurinmu:

Elle prie pour vous : chez nous, c'est la plus haute façon de remercier.

Wato tana yi muku addu'a, kuma a wurinmu ita ce godiya mafi girma. Mai addini zai ce amin. Wanda ba shi da addini zai gane an ba shi kyauta mai daraja, ba wa'azi ake yi masa ba. Da na karanta wa Innar Hadiza wannan da Hausa, ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Malam, haka ne, amma a bar tawa yadda na faɗe ta a takardar Hausa." Haka aka yi.

6. Gina wasiƙar Faransanci

Tsarin ba shi da wuya. Sunan gari da kwanan wata a sama ta dama, sunan wata da ƙaramin harafi. Sai kiran mutum a layinsa shi kaɗai da waƙafi: Madame, ko Monsieur, ko Madame, Monsieur, idan su biyu ne. Ba a haɗa shi da sunan iyali a wasiƙar girmamawa. Sai sakin layi uku ko huɗu, jimlar rufewa, sa hannu. Kada ta wuce shafi ɗaya. Ga ta Hadiza bayan gyara:

Garoua, le 6 avril

Madame,

J'espère que cette lettre vous trouve en bonne santé, vous et les vôtres. Je m'appelle Hadiza et je suis en première année de biologie à l'Université de Ngaoundéré. Je vous écris pour vous remercier de la bourse de 300 000 FCFA (environ 457 euros) que j'ai reçue en octobre.

Elle a couvert les droits universitaires (50 000 FCFA), dix mois de loyer (120 000 FCFA), les livres et les photocopies (40 000 FCFA), la nourriture et le transport (90 000 FCFA). Grâce à vous, j'habite à dix minutes à pied des salles de cours.

Au premier semestre, j'ai obtenu une moyenne de 12,5/20. J'ai échoué en chimie, avec 8/20, et je prépare le rattrapage avec deux camarades.

Ma mère me charge de vous dire que vous avez préservé la dignité de notre famille. Elle prie pour vous : chez nous, c'est la plus haute façon de remercier.

Je vous prie d'agréer, Madame, l'expression de ma profonde gratitude.

Gargaɗi a kan buɗewa: kusan kowane ɗalibi a Kamaru ya haddace jimlar nan ta takardun ofis, Je viens très respectueusement auprès de votre haute bienveillance solliciter. Hannu da kansa yake rubuta ta. Amma solliciter roƙo ne, kuma duk jimlar ta mai neman abu ce a gaban hukuma. Idan ka buɗe godiya da ita, mai karatu zai gyara zama yana jiran ya ji nawa kake nema. Haka nan ba a sa layin Objet a sama, ba a manna mata kan sarkin haraji. Wasiƙa ce tsakanin mutum da mutum.

Gargaɗi a kan "saboda": kalma ɗaya ce a Hausa, amma biyu ce a Faransanci. À cause de ta abin da ya jawo matsala ce, grâce à kuma ta abin da ya kawo alheri, kamar mu ce "albarkacin". Ɗalibin da ya rubuta à cause de vous ya ɗora wa mai taimakonsa laifi ba tare da ya sani ba. Wannan kuskuren na fi cin karo da shi fiye da kowanne.

Sai ƙananan abubuwa da ake dubawa da yatsa a kan layi. Vous ne daga farko har ƙarshe, ko da a Hausa ka zame daga "kun" zuwa "kin". Mace tana rubuta reconnaissante da heureuse, namiji reconnaissant da heureux, kuma 'yan mata da yawa suna kwafar wasiƙar ɗan ajinsu su manta da wannan. A jimlar la bourse que j'ai reçue, harafin ƙarshe yana nan saboda bourse mace ce kuma ta riga aikatau zuwa. Dubbai ana raba su da fili, 300 000, ba da ɗigo ba, maki kuma da waƙafi, 12,5. A jimlar rufewa ana maimaita kiran da aka yi a sama daidai yadda yake: idan Madame ce a sama, Madame ce a ƙasa.

Wa zai yi fassarar? Ɗalibin da ya kai lise ko jami'a shi ya kamata ya yi zubin farko da kansa, malami ya gyara. Idan yaron ƙarami ne, a nemi wanda ya iya harsunan biyu, ba wanda ya iya Faransanci kaɗai ba. Kuma mai gyara ya riƙe hannunsa. Idan yarinyar aji biyu ta aika wasiƙa da Faransancin lauya, mai tallafin zai san ba ita ta rubuta ba, kuma daɗin wasiƙar ya tafi. A gyara kuskure, a bar gajerun jimlolinta.

7. A mayar da ita Hausa da baki

Wannan matakin minti goma ne, kuma shi aka fi tsallakewa. Ba wa wani mutum na uku takardar Faransancin, wanda bai ga ta Hausar ba, ka ce ya karanta yana faɗa da Hausa a gaban ɗalibi da iyayensa. Kai kuma ka riƙe ta Hausar kana bi. Duk inda abin da ya faɗa ya kauce wa abin da ke hannunka, ka sa alama. Ta haka ake kama kuɗin da ya canza, da maganar uwa da ta ɓace, da abin da mai fassara ya ƙara daga kansa don ya burge. A ta Hadiza, ɗan maƙwabcinsu ne ya karanta, a nan muka ga an manta da "ƙawayena biyu" a zubin farko, sai ta zama kamar ita kaɗai take fama da darasin. Muka mayar.

8. Rubutu mai tsabta, bugawa da abin da za a kashe

Idan an bar maka zaɓi, rubuta ta Hausar da hannunka, ka buga ta Faransancin, ka sa hannu a kan duka biyun. A aika su tare, ta Hausar a sama. Dattijuwar ba za ta iya karanta ta ba, amma za ta ga rubutun hannun yarinyar da take biya wa, ta san akwai asali a bayan fassarar. A ƙasan ta Faransancin a ƙara layi ɗaya: Lettre écrite en haoussa et traduite en français. Idan Baba da ajami yake rubutu, a ba shi wuri a ƙasan ta Hausar ya sa layinsa, a fassara shi ma.

Idan dole a buga ta Hausar, ka sani na'urorin shagunan buga takardu a nan allon Faransanci gare su, ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Mai shago zai buga maka k da d da b ya ce ai duk ɗaya ne, alhali ƙasa daban, kasa daban. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙara Hausa cikin harsunan allon rubutun wayarka, ka rubuta a can, ka mayar da shi PDF kafin ka kai shago, domin haruffan kada su rikiɗe su zama akwatuna a na'urar wani. Ita ma ta Faransancin ka duba ta a kan allo kafin a fitar, musamman é da è da ç. Kada ka biya sai ka karanta takardar da ta fito.

Kuɗin ba shi da yawa. A shagunan da nake zuwa, fitar da shafi baƙi da fari bai wuce sefa 100 ba, kwafi kuwa sefa 25 ne, idan kuma mai shago ne zai buga maka rubutun daga takarda sai ya ƙara 'yan ɗaruruwa. Da ambulan da komai, jaka ɗaya ta ishe ka. Yawanci ba kai za ka kai gidan waya ba, wakilin ƙungiya ne yake tara wasiƙu ya aika gaba ɗaya. Idan hoton wasiƙar aka ce ka turo, shimfiɗa ta a kan tabarma ko tebur da rana a inuwa, ka tsaya daidai samanta, kusurwoyi huɗu su fito. Hoton da aka ɗauka da dare da fitilar waya yakan fito da farin tabo a tsakiyar rubutu.

Gargaɗi: kada ka ninke takardar sakamako ta asali ka sa a ambulan. Kwafi ake aikawa, asalin yana gida.

9. Ajiye kwafi, ka rubuta ranar

Yi kwafin takardun biyu ka sa a jakar da kake ajiye rasit, ka rubuta a baya ranar da ka miƙa da wanda ka miƙa wa. Bayan mako biyu ka tambayi wakilin ko ta tafi. Kwafin zai yi maka aiki a wasiƙa ta gaba, domin daga inda wannan ta tsaya za ka ɗora. Hadiza ta ce tana shirin sake zaman sinadarai, don haka layin farko bayan gaisuwa a wasiƙarta ta ƙarshen shekara shi ne makin da ta samu a wannan zaman, ko nawa ne.